Wa Zai Riƙe Hannun Ƙaramin Malami? Sharhi Kan Tsarin Raino a Sashen Jami'a

Tun lokacin da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta mayar da Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Shehu Idris da ke Maƙarfi ƙarƙashin Jami'ar Jihar Kaduna, wata tambaya da a da ake ganin ta mutanen Samaru ce ta shigo har yankinmu na Ikara da Maƙarfi da Kudan. Tambayar ita ce: idan matashi ya samu aikin koyarwa a tsarin jami'a, wa ke nuna masa yadda ake hawa tsanin? A kwaleji, shekarun aiki da ƙwazon koyarwa suna ɗaukar mutum nesa. A jami'a kuwa, ko da ɗalibai suna rububin ajinka, ba za ka wuce wani mataki ba sai da digiri na uku da maƙalun da aka buga a mujallun ilimi. Duk inda aka yi irin wannan haɗewa, a kan samu malamai masu gogewa a aji waɗanda ba su taɓa aika maƙala ga mujalla ba, ga kuma sababbin ɗauka da ba su san ko ɗaya daga ciki ba.

Maganin da sassa suka saba kawowa shi ne takarda. Shugaban sashe ya zauna da jerin sunaye, ya ja layi daga kowane ƙaramin malami zuwa wani babba, a buga, a manna a allon sanarwa, a ajiye kwafi don ranar da tawagar Hukumar Kula da Jami'o'i za ta zo tantance kwasa-kwasai. Ƙaramin ya je ya gaida babban sau ɗaya, ya ce, "Ranka ya daɗe, an ce ina ƙarƙashinka." Babban ya ce, "Madalla, ƙofata a buɗe take." Shi ke nan. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, amma bayan shekara uku ƙaramin yana nan inda yake.

Ra'ayina shi ne, irin wannan tsari yana mutuwa ne domin an gina shi a kan dangantaka, alhali kamata ya yi a gina shi a kan aiki da kalanda. Mu nan mun riga mun san dangantakar babba da ƙarami, ta ubangida da yaronsa, kuma idan aka haɗa mutum biyu ba tare da an faɗa musu abin da za su yi ba, cikin wannan tsohuwar hanya za su faɗa. Yaro ya riƙe jaka, ya duba takardun jarrabawa, ya shiga aji idan maigida ya yi tafiya, yana jiran ranar da za a tuna da shi. Wannan ba raino ba ne, hidima ce. Wani lokaci tana biya, sau da yawa ba ta biya, kuma sashe ba shi da hanyar gane wanne ne ke faruwa.

Kafin a haɗa kowa da kowa, sai a fara da lissafin da ba a son yi. Ƙa'idar Hukumar Kula da Jami'o'i ta ce a kowane sashe kashi 20 cikin ɗari na malamai su kasance farfesoshi da mataimakan farfesa, kashi 35 manyan lakcarori, kashi 45 kuma lakcara na ɗaya zuwa ƙasa. Da haka abin yake a zahiri, da manya sun fi ƙanana yawa, kowa ya samu nasa har a yi rara. Amma sababbin sassa, musamman waɗanda ke rassan jami'a a wajen babban birni, a kife suke. A ƙaddara sashe mai malamai 24, shida daga babban lakcara zuwa sama, goma sha takwas ƙanana. Cikin shidan nan ɗaya shi ne shugaban sashe, ɗaya yana hutun shekara na bincike a wata jami'a, ɗaya an naɗa shi daraktan wata cibiya, ba a ganinsa sai a taro. Saura uku. Idan aka raba musu goma sha takwas, kowa ya tashi da shida. Raino na gaske yana cin aƙalla awa uku a wata kan mutum ɗaya, wato awa ɗaya ta zama, awa biyu ta karanta abin da ƙaramin ya rubuta. Mutum shida awa goma sha takwas ke nan a wata, ga darasi, ga ɗaliban digiri na biyu da na uku, ga nasa binciken. Ba zai yi ba, kuma tun ranar da aka ba shi takardar ya san ba zai yi ba.

Don haka iyaka ita ce mutum biyu ga kowane babba. A wannan sashe namu na misali, gurbi shida kawai ake da shi, kuma dole a zaɓi waɗanda za su shiga. Ni da zan zaɓa, zan fara da waɗanda suka gama digiri na uku cikin shekara biyu da suka wuce, sai waɗanda ƙarin girmansu ya taɓa wucewa sau ɗaya ba su samu ba. Dalili shi ne mai karatun digiri yana da mai duba aikinsa, ko da ba kullum yake ganinsa ba. Wanda ya gama kuwa, ranar da ya kare kundinsa ita ce ranar da aka sake shi, daidai lokacin da ya kamata ya koyi mayar da babin kundi maƙala, ya nemi kuɗin bincike da sunansa, ya fara duba ɗalibai shi ma. Nan ne mutane da yawa ke tsayawa cik.

Sauran goma sha biyun fa? Nan ne tarihin Zariya ke da abin faɗa. Lokacin da Abdullahi Smith ya baro Ibadan ya kafa Sashen Tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ba takardar haɗa sunaye ce ta fitar da su Yusufu Bala Usman da Mahmud Modibbo Tukur ba. Aiki ne na tare: tattara rubuce-rubucen da aka gada da labaran baka a ƙarƙashin shirin binciken tarihin Arewa, da kuma zaman ƙara wa juna sani inda mutum zai gabatar da takardarsa a yi mata fiɗa a gaban kowa. Bala Usman ya kammala digirinsa na uku kan tarihin Katsina a 1974, daga baya shi ma ya zama wanda wasu ke kawo wa takardunsu. Abin da ya kamata a ɗauka daga nan shi ne rubutu ne ke tsakiyar zama, ba gaisuwa ba.

Akwai kuma shaida daga nesa mai nuna haka. A Amurka, ƙungiyar masana tattalin arziki ta fara wani shiri mai suna CeMENT a 2004 don ƙananan malamai mata. Da masu nema suka fi guraben yawa, sai aka yi ƙuri'a, wanda ya ba da damar a kwatanta waɗanda suka shiga da waɗanda ba su samu ba. Shirin kansa gajere ne, taron kwana biyu, inda ake zaunar da ƙanana huɗu ko biyar da manya biyu daga wasu jami'o'i, kowace ta kawo aikinta a karanta a tattauna. Sakamakon da Francine Blau da abokan aikinta suka wallafa a 2010 ya nuna waɗanda suka shiga sun fi sauran buga maƙalu da samun kuɗin bincike. Abu biyu nake so a lura da su. Rukuni ne, ba mutum da mutum ba. Sannan manyan ba su da iko a kan ƙarin girman ƙananan. Saboda haka goma sha biyun nan a raba su rukuni uku na mutum huɗu-huɗu, su riƙa zama sau ɗaya a wata, kowane zama mutum ɗaya ya kawo shafi biyar zuwa goma da ya rarraba mako guda kafin ranar. Lakcara na ɗaya mai digiri na uku ya isa ya jagoranci irin wannan zama. Sau da yawa ma ya fi farfesa sanin halin da mujallu ke ciki yau, domin shi ne ya sha ƙin karɓa a watan jiya.

Maganar iko ita ce ƙashin bayan tsarin, kuma ita ce aka fi take wa. Shugaban sashe ba zai zama jagoran kowa ba. Shi ke rubuta rahoton shekara a kan ƙaramin malami, shi ke raba kwasa-kwasai, shi ke gabatar da takardun ƙarin girma. Ba mai hankalin da zai zauna gabansa ya ce, "Malam, gaskiya ban iya nazarin alƙaluman da na tattara ba." Haka nan mai duba kundin mutum ba zai zama jagoransa ba, domin wani lokaci matsalar da ƙaramin ke son ya yi magana a kai ita ce babin da ya kwana wata bakwai a teburin mai dubawa. Idan kuma jagora yana cikin kwamitin tantance ma'aikata na sashe, wanda a ƙaramin sashe ba makawa yana ciki, to a rubuta tun farko cewa abin da aka faɗa a zaman raino ba ya shiga ɗakin kwamiti, kuma idan aka zo kan takardun wanda yake raino zai bayyana hakan ya yi shiru. Na san za a ce wannan ya yi tsauri ga sashen da manyansa uku ne. To, shi ya sa aro ya zama dole.

Maƙarfi ba ta kai tafiyar awa ɗaya daga Zariya ba. A Samaru da Shika akwai masana kiwon lafiyar al'umma da haɗa magunguna da aikin jinya, akwai kuma farfesoshin da suka ajiye aiki bayan cika shekara 70, kamar yadda dokar 2012 ta tanada, suna zaune a gidajensu da ƙwaƙwalwarsu garau. Jagora na aro yana da fa'idar da na gida ba shi da ita: ba ya cikin rigingimun sashe, ba ya neman kujerar shugaba, ba shi da ɗan takara. Amma aro yana da sharaɗi. A rubuta wasiƙa daga sashe zuwa sashe, a ware kuɗin mai, a amince cewa zama biyu cikin uku za a iya yin su ta waya bayan an aika rubutu. Idan aka bar shi a kan "don Allah a taimaka wa yaranmu", zai yi wata biyu ya mutu, kuma ba wanda zai ji kunyar mutuwarsa.

Yadda ake haɗawa ma yana da muhimmanci. Kada shugaban sashe ya naɗa. A samu mai kula da shirin, babban lakcara ɗaya, ya nemi kowane ƙarami ya rubuta masa sunaye uku a asirce bisa jerin fifiko, da jimla biyu kan abin da yake bukata. Shi ma kowane babba ya faɗi abin da zai iya bayarwa da gaske. Wani gwanin rubuta neman tallafi ne, wani gwanin alƙaluma, wani kuwa ya san dokokin jami'a kamar tafin hannunsa amma rabonsa da bincike ya daɗe. Ba lallai fanninsu ya zo ɗaya ba. Kusancin fanni ma yakan jawo kishi da rigimar wa ya fara tunanin. Abin da ake bukata shi ne babban ya iya karanta aikin ya gane inda ya karkace.

Bari mu ɗauki mutum ɗaya mu bi ta daki-daki, don a ga abin da nake nufi da kalanda. A ƙaddara wata malama ce a sashen kiwon lafiyar al'umma, 'yar Ikara, ta zama lakcara ta biyu a watan Oktoban 2024. A mafi yawan jami'o'inmu ana shekara uku kafin a nemi mataki na gaba, kuma ƙarin girma kan fara aiki ne daga 1 ga Oktoba. Ita a ranta tana da har Oktoban 2027, wata talatin da shida cif. Abu na farko da jagora zai yi a zaman farko shi ne ya sa ta kawo littafin ƙa'idojin ƙarin girma na jami'arta, bugun da ake aiki da shi yanzu, su karanta tare. Abin mamaki ne yawan malaman da ba su taɓa buɗe shi ba, suna tafiya da abin da suka ji a ɗakin shan shayi. A ciki za ta ga adadin maƙalun da ake bukata, yadda ake raba maki idan marubuta sun yi yawa, ko ana karɓar wasiƙar amincewa ko sai maƙala ta fito, da kuma ko akwai iyaka kan yawan maƙalun da za a buga a mujalla ɗaya.

Daga nan sai a yi lissafi da baya-baya. Sashe kan karɓi takardu watanni kafin Oktoba, don haka a ce komai nata ya kammala zuwa Maris na 2027. Mujalla ta kirki kan ɗauki wata shida zuwa shekara tsakanin aikawa da fitowa, kuma mai farawa ya sa a ransa cewa ta farko za ta iya mayar masa da ita. Idan aka ba wannan zagaye biyun shekara ɗaya da rabi, to maƙalar ta bar hannunta wajen Satumban 2025. Yanzu a ce bincikenta kan yadda manoman tumatir na rani a Ikara ke mu'amala da maganin feshi ne, ko suna rufe hanci da hannu, ina suke ajiye galan, me suke ji a jikinsu bayan feshi. Wannan bayani ba a samunsa da damina. Sai lokacin noman rani, daga wajen Disamba zuwa Maris. Ke nan ranin farko, na ƙarshen 2024 zuwa farkon 2025, shi ne nata. Kuma ba za ta tambayi manomi ko ɗaya ba sai ta samu izinin kwamitin ɗa'ar bincike, wanda shi ma yana da ranakun zamansa, yana kuma iya dawo da takarda a gyara, a ce a kawo fassarar takardar neman yarda da Hausa. Wata talatin da shidan nan sun koma mako takwas na farko. Idan ta shafe su tana murnar ƙarin girma, rani ya wuce, an tafi shekara guda.

Wannan shi ne abin da babba ya sani wanda ƙarami bai sani ba, kuma ana iya faɗarsa cikin awa ɗaya. Manomin rake na Kudan ba ya shuka ranar da ya ga dama, daga lokacin sara yake ƙirgowa baya. Aikin jagora ke nan a zaman farko. Abin da ya fito daga zaman a rubuta shi a shafi ɗaya: buri biyu ko uku na shekara, ranar kowane mataki, ranar zama ta wata-wata, wa ke kiran wa. A nan ina da tsayayyen ra'ayi cewa babban ne zai sa ranakun zama na shekara gaba ɗaya tun farko. Littattafan Turawa kan ce ƙarami shi ke tuƙa dangantakar, ya nemi zama, ya tsara abin tattaunawa. A wurinmu wannan ba ya aiki. Malamar nan ba za ta kira farfesa sau uku tana tuna masa alkawari ba, kunya ba za ta bar ta ba, kuma idan ta yi za a ce ba ta da ta-ido. Tsarin da bai yi la'akari da kunya ba, kunya ce za ta kashe shi. Ita dai nata shi ne ta aika rubutu mako guda kafin zama. Idan babu rubutu, zaman ya koma kan dalilin rashinsa.

Sau da yawa dalilin ba lalaci ba ne. Ƙananan malamai su ne jami'an jarrabawa, su ne masu kula da ajin shekara, su ne sakatarorin kowane kwamiti, su ke ɗauke da manyan azuzuwan 'yan shekarar farko. Malamar da aka ba tattara sakamakon jarrabawar sashe ba za ta je gonakin Ikara a watan Janairu ba. Ita ba za ta iya ce wa shugaban sashe a'a ba, amma jagoranta zai iya shiga ofis ya ce, "Shugaba, a ɗaga wa yarinyar nan wannan zangon, tana fita fili." Wannan kalma ɗaya ta fi nasiha goma. Ya kamata ma tsarin ya ba jagora wannan hurumi a rubuce, a ce yana da damar neman a rage wa wanda yake raino nauyin gudanarwa na zango ɗaya cikin shekara.

Sai maganar kuɗi, a taƙaice. Asusun TETFund yana da tallafin bincike na cikin gida da ake nema ta hannun jami'a, yana da na halartar taron ilimi, yana da na ƙaro karatu. Ƙanana da yawa ba sa nema don ba su taɓa ganin takardar neman da ta yi nasara ba. Jagora ya ciro tasa tsohuwa, har da kasafin kuɗinta, ya ba ta ta gani. Haka nan ya zauna da ita su tantance mujalla kafin ta aika. Mujallar da ta yi alkawarin bugawa cikin mako biyu, ta nemi kuɗi tun kafin a karanta, tana buga aikin jinya da adabin Larabci a fitowa ɗaya, tarko ce. Illarta ba ta bayyana yau. Takan bayyana ne shekaru goma gaba, lokacin da aka aika takardun mutum ga masu tantancewa na waje don kujerar mataimakin farfesa, suka zubar da rabinsu.

Yanzu ga wurin da ya fi tsami, wato suna a kan maƙala. Kowa ya san jimlar nan, "Ka sa sunana." Wani lokaci ma ba a faɗa, ƙaramin ne ke sawa da kansa don neman albarka. Idan tsarin raino ya yi shiru a kan wannan, to ya zama injin samar wa manya maƙalu, kuma za ka ga ana rububin ƙananan da suka fi ƙwazo ana gudun waɗanda suka fi bukata. Dokar ta zama a fili: karanta rubutu da ba da shawara aikin jagora ne, ladansa godiya a ƙarshen maƙala. Suna yana shiga ne idan mutum ya sa hannu a tsara binciken, ko nazarin bayanai, ko rubutun kansa, kuma a yi wannan magana kafin a fara aiki, ba daren da za a aika ba. Wannan ba ƙirƙirata ba ce, kusan haka ƙa'idar editocin mujallun likitanci ta duniya ta shimfiɗa. Ban ce kada su yi aiki tare ba. Maƙalar haɗin gwiwa ta gaske hanya ce mai kyau ta koyo. Amma a shekarar raino a tabbata akwai aƙalla ɗaya da ƙaramin ne marubuci na farko.

To idan an hana babba suna a maƙala, me zai samu? Tambaya ce ta gaskiya, kuma masu tsara irin wannan shiri kan kauce mata da maganar lada a lahira. Allah ya ba da ladan, amma a duniya ma a yi wani abu. Awa talatin da shida a shekara kan mutum ɗaya, saba'in da biyu kan biyu, ya kai a lissafa shi cikin nauyin aiki, a rage masa wani kwamiti ko rabin kwas. A kuma rubuta shi cikin hidimar jami'a a fom ɗin tantancewa, wanda ke da amfani ga babban lakcara mai neman gaba. Wanda bai so kuma a ƙyale shi. Ba kowane farfesa ne ya iya raino ba. Akwai masanin da idan ya karanta rubutunka sai ka yi wata ba ka sake ɗaukar alƙalami ba.

Batun mata yana bukatar a faɗe shi ƙarara. A sassan kiwon lafiya ƙananan malamai mata suna da yawa, manya mata kaɗan ne. Idan aka ce mace sai mace, an ɗora wa babba ɗaya kayan mutum takwas. Idan aka haɗa namiji da mace ba tsari, ana buɗe ƙofar tsegumi, wani lokaci ma ta abin da ya fi tsegumi muni. Hanyar tsakiya ita ce zama a ofis, cikin lokacin aiki, ƙofa a buɗe, ranaku a rubuce a wurin mai kula da shiri, ko kuma a yi zaman mutum uku. Ba zaman yamma, domin malamar da za ta koma Ikara ko Hunƙuyi ba za ta so duhu ya same ta a hanya ba, ga gida na jira. Kuma kowace ta san akwai mutum na biyu, wanda ba jagoranta ba kuma ba shugaban sashe ba, da za ta iya kai wa ƙara. Shirin AWARD mai hedikwata a Nairobi, wanda tun 2008 yake rainon mata masu binciken aikin gona a Afirka, har da 'yan Najeriya, yana fara nasa ne da zaunar da jagora da wadda za a raina a bita ɗaya, su rubuta taswirar burinta tare, su yi shekara suna ganawa wata-wata, daga baya ita ma ta ɗauki wata ƙarama. Wannan bita ta farko abin koyi ce. Manya ma suna bukatar a koya musu, musamman sauraro.

Dole kuma a bar ƙofar fita wadda ba ta zubar da mutuncin kowa. A al'adarmu ƙarami ba zai ce ya fasa da farfesa ba, sai dai ya riƙa ɓuya a baranda. Don haka a sa wa kowane haɗi wa'adin shekara ɗaya da zai ƙare da kansa, sai in duka biyun sun nemi a sabunta, kowa a asirce. A wata na uku mai kula da shiri ya ga kowane ɗaya shi kaɗai na minti goma. Idan abin bai tafiya, a sauya a lokacin da ake sauye-sauyen zango, ba tare da bayyana dalili ba. Haka nan a rubuta abin da za a yi idan karatu ya tsaya. Yajin aikin 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Raino da ya rataya a kan haɗuwa a harabar makaranta yakan mutu a irin wannan lokaci, alhali shi ne lokacin da malami ya fi samun sararin rubutu.

Ta yaya sashe zai gane ko abin yana aiki? Ba ta ƙirga zama ba. Fom ɗin da aka cike da sa hannu goma sha biyu a rana ɗaya, da biro ɗaya, kowa ya san labarinsa. A duba abin da ya fita daga hannun ƙaramin: takardar neman izinin bincike da aka miƙa, maƙalar da aka aika ko da an mayar da ita, neman tallafin da aka rubuta, takardun ƙarin girma da suka shiga a kan lokaci. Wasiƙar ƙin karɓa daga mujalla ta kirki alama ce ta ci gaba a shekarar farko, domin tana zuwa da sharhin masu bita wanda za a zauna a kai. Alamomin lalacewa su ma a bayyane suke. Idan ƙaramin ya fara shiga ajin babban fiye da yadda babban ke karanta rubutunsa, an koma gidan jiya. Idan duk maƙalun da suka fito sunan babban ne a gaba, haka. Idan aka tambayi ƙaramin me suka tattauna a zaman ƙarshe ya ce, "Ya dai ba ni shawarwari," bai iya faɗin aiki ɗaya da ranarsa ba, to gaisuwa suka yi. Akwai kuma alama ta huɗu da ke ɓoye, ita ce idan lokacin zaɓen shugaban sashe ya zo aka ga ƙuri'u sun bi layin raino sak. Nan an gina sansanoni ne da sunan taimako, kuma maganinsa shi ne wa'adin shekara da jagororin aro.

Iyakar tsarin ita ma a san ta. Ba ya gyara albashi, ba ya kawo wutar lantarki ɗakin gwaji, ba ya hana wanda ya ƙware tafiya Saudiyya ko Ingila, wataƙila ma ya gaggauta tafiyar tasa. Sashen da ke son gwadawa ya fara da haɗi shida da rukuni uku na zango biyu, mai kula da shiri ya kawo rahoton shafi ɗaya gaban taron sashe ba tare da sunaye ba, sannan a yanke ko za a faɗaɗa. Ga malamarmu ta Ikara kuwa, abin da za a duba a watan Disamba abu ɗaya ne, ko takardarta ta isa kwamitin ɗa'a kafin manoma su fara dashe.